Me zan rubuta a bayanin shagona don a yarda da ni, a kuma duba sauran kayana?

*Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai daga gida a Kano, daga Kantin Kwari nake saro su. Ina sakawa a Instagram da WhatsApp. Mutane suna shiga su tambayi kuɗin abu ɗaya, daga nan shiru, wanda ya saya ma abin da ya gani kawai yake ɗauka. Abin da na rubuta a saman shafina shi ne: "Barka da zuwa gidan inganci da rahusa. Amana ce jarinmu. Muna aikawa ko'ina. In an saya ba a dawowa da shi." Me ya kamata in gyara a rubutun da hoton saman?*

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa.

Ki ɗauki rubutun nan naki ki gwada shi da tambaya ɗaya: akwai jimlar da ɗan damfara ba zai iya kwafa ya manna a nasa shafin ba? Babu. Shi ma inganci yake rubutawa, shi ma amana, har ma ya fi ki rantsuwa. Matar da ke zaune a Gombe ko Ilorin da kuɗin atamfa a asusunta ta riga ta karanta irin waɗannan kalmomi a shafuka da yawa, wataƙila har da shafin da ya taɓa cinye mata kuɗi, don haka idonta wucewa yake ta kansu. Abin da ke tsayar da ita shi ne maganar da za ta iya bincikawa, ko alƙawarin da in kika saɓa za ta kama ki da shi. Jimla ɗaya ce tak a rubutunki mai wannan ƙarfi, ita ce ta ƙarshe, ga shi kuma korar mai saye take yi: kin gaya mata ƙarara cewa in matsala ta faru ita kaɗai za ta ɗauki asara.

Wadda ba ta san ki ba abu huɗu take son sani kafin ta tura kuɗi: me kike sayarwa, a ina kike, yaya kayan zai iso ta, me zai faru in abin da ya zo ba shi ta gani ba. Wurin rubutun kuma ɗan ƙarami ne. `Bio` na Instagram harafi 150 kawai yake ɗauka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, `About` na WhatsApp kuma bai ma kai haka ba. Saboda haka gaisuwa da kirari ba su da mazauni a nan. Ga yadda zan rubuta shi da a ce shafina ne:

```
Atamfa, leshi, mayafi. Kano, Gyaɗi-Gyaɗi.
Bidiyon kayanki kafin ki biya.
Aike ta mota: Litinin da Alhamis.
Haɗin lefe da na anko: taɓa ƙasa.
```

Wannan ya shige cikin 150 har da ɗan saura. Unguwar misali ce, ki sa taki.

Layin farko ya ambaci kaya uku da sunansu. Wannan shi ne matakin farko na kai mutum ga sauran kayanki, domin wadda ta shigo ta hoton atamfa ba ta san kina da mayafi ba sai kin faɗa. "Kayan mata" ko "komai da komai" ba ya wannan aikin, sunan abu ne ke tuna wa mutum buƙatarsa. Sunan unguwa kuma ya fi "Kano" kawai nauyi nesa ba kusa ba. Mai saye daga nesa takan ce a ranta, ina da ƙanwa a Zoo Road, sai ta je ta karɓo mini. Ko ba ta aiko kowa ba, sanin cewa za ta iya aikowa ya rage mata tsoro. Amma tunda daga gida kike sana'ar, ki tsaya a sunan unguwa, kada ki rubuta layi da lambar gida a fili. Ki samu wani sanannen wuri kusa da ke, shagon ɗan uwa ko na maƙwabciya, inda ake haɗuwa a karɓi kaya, wannan ki faɗa wa wadda kuka riga kuka yi ciniki.

Layi na biyu shi ne zuciyar rubutun. Babban tsoron mai sayen zani ta waya, bayan tsoron a gudu da kuɗinta, shi ne launi da daraja. Kyamara tana ƙara wa ja haske, tana mai da ruwan toka kamar shuɗi, hoton da dila ya turo miki kuma ƙila an gyara shi. Idan kika ce za ki ɗauki bidiyon ainihin turmin da za ki aika mata, a hasken rana, ki buɗe shi ki nuna bakin zanin da tambarinsa, kin yi alƙawarin da mai hoton sata ba zai iya cikawa ba, don shi ba shi da kayan a hannu. Sai dai ki lura da kyau a nan. In tsarinki shi ne sai an biya kike shiga Kwari ki ɗauko, to kada ki rubuta wannan layin. Ki rubuta gaskiyar tsarinki: "Ana biya in ɗauko daga Kwari, in turo bidiyo kafin in aika." Wannan ma yana sayen yarda. Abin da ke kashe ta shi ne a karanta alƙawari a saman shafi, a zo ciniki a tarar da wani abu dabam.

"Muna aikawa ko'ina" kuwa ba ya amsa komai. Da me? Yaushe? Wa zai biya kuɗin mota? Ranaku biyu da kika ambata sun nuna cewa akwai mutum mai tsari a bayan shafin, suna kuma hutar da ke daga mai kiran waya sau goma tana tambayar ko an kai tasha. Ki zaɓi ranakun da kika tabbata za ki iya riƙewa ko da yaro ba lafiya, ko da an yi ruwa. Gara ki rubuta kwana biyu a mako ki cika, da ki rubuta kullum ki riƙa ba da haƙuri.

Sauran bayanin da bai shiga nan ba yana da wurinsa. A WhatsApp Business akwai gurbin bayanin sana'a da ya fi `About` faɗi, akwai na lokutan aiki, a Instagram kuma za ki iya liƙe hoto har uku a saman shafi su zauna ba sa gangarawa. Ɗaya daga cikin ukun ki mai da shi allon sharuɗɗa. Abu biyu nake so su fito a cikinsa, kuma na farkon yawancin masu sayarwa ba sa kawo shi a ransu sam.

Sunan asusu ne. Ciniki da yawa a nan yake mutuwa ba tare da mai kaya ta sani ba. An daidaita, kin tura lamba, mai saye ta buga a manhajar bankinta, sai ga sunan namiji ya fito, na maigida ko na ƙanenki, alhali shafin sunan mace ne da shi. Ba za ta tambaye ki ba, don kunya ko don gudun rigima. Shiru za ta yi, ke kuma ki ɗauka tsada ta kore ta. Maganin shi ne ta ga sunan tun kafin ta kai ga biya: "Asusunmu ɗaya ne, sunan da zai fito shi ne Wance Wane. In kin ga wani suna, kada ki tura." Idan na maigida ne ki faɗa haka, ba abin kunya ba ne. Wannan jimla tana kuma kare ki ranar da wani ya kwashe hotunanki ya buɗe shafi mai kama da naki, domin tsofaffin abokan cinikinki sun riga sun san sunan da suke jira su gani. Wadda ta yi wa sana'arta rajista da hukumar CAC ta sa lambar rajistar a nan, tunda kowa na iya neman sunan a shafin hukumar ya gani. Wadda ba ta yi ba kada ta rubuta komai a kai, kada kuma ta ari ta wani.

Na biyu shi ne sharaɗin dawo da kaya. Na san dalilin da ya sa kika rubuta ba a dawowa, akwai masu kai zani wurin tela a yanka sannan su ce bai yi musu ba, akwai masu ɗaura mayafi su je biki su dawo da shi yana ƙamshin turare. Amma ba sai kin rufe ƙofar gaba ɗaya ba, iyaka za ki sa mata. Misali: "In ya zo da yagewa, tabo, ko ba shi ne na bidiyon ba, ki turo hoto cikin kwana biyu da karɓa, in canza ko in mayar da kuɗi, kuɗin mota nawa ne. In ra'ayi kika canza, ana musanya muddin ba a yanka ba, ba a wanke ba, kuɗin mota naki ne." Kin ga har yanzu kina da kariya daga mai yanka da mai ɗaurawa, amma mai gaskiya ta ga inda za ta tsaya in abu ya ɓaci. A ganina wannan sakin layi ɗaya ya fi hotunan godiyar kwastomomi guda ashirin amfani, don hoton godiya kowa na iya rubuta wa kansa da waya biyu. In za ki sa su, ki nemi izinin mai saƙon, ki rufe lambarta da hotonta, ki fifita wanda ya ambaci abu takamaimai, kamar garin da kayan ya je da ranar da ya isa, a kan mai cewa "masha Allah ya yi kyau" kawai.

A wannan allon ne kuma za ki faɗi darajar kayanki da bakinki. In atamfar kwaikwayon Holan ce, ki ce kwaikwayo ce. Matan da ke sayen zani sun san farashin asali, in suka ga kuɗin bai kai ba kuma kin rubuta "orijinal", ba atamfar kaɗai suke daina yarda da ita ba, har leshin da mayafin. Wadda ta ga kin kira kwaikwayo da sunansa, ranar da kika ce wannan asali ne za ta karɓa.

Yanzu hoton saman shafi, wanda ake sawa a Facebook da WhatsApp Business. Ba sai na daɗe a kansa ba, don aikinsa kaɗan ne. Ana kallonsa daƙiƙa ɗaya ko biyu a ƙaramar waya, hotonki mai zagaye yana rufe wani sashe nasa, gefunansa kuma sukan yanke, yadda yake fita a kwamfuta dabam da yadda yake fita a waya. Don haka rubutun ya zauna a tsakiya, ya ɗan yi sama, kalma shida zuwa takwas, manyan haruffa masu sauƙin karantawa. Bayan kin ɗora, ki ari wayar wani ki duba, wadda ba irin taki ba. Hoton kuma ya zama na kayanki ne a jere a inda kike ajiye su, atamfa da leshi da mayafin da suka hau juna, ba hoton wata baƙuwar mace da aka sauko da shi daga intanet ba. Rubutu irin "Atamfa, leshi, mayafi: haɗi guda, aike guda" ya isa. Kada ki sa farashi a jikinsa, kin san yadda kuɗin kaya ke motsi a Kwari, hoton zai tsufa kafin wata ya ƙare, a riƙa yi miki musu da shi. In kuma kin sa na lokaci, kamar "Kayan Sallah sun iso", ki cire shi da an sauko daga Idi. Shafin da ke shelar kayan ƙaramar Sallah ana tsakiyar watan Muharram yana cewa mai shi ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma ba wanda ke tura kuɗi shagon da yake zaton an rufe. Ki tuna kuma rubutun da ke cikin hoto ba a latsa shi, ba a kwafarsa, don haka duk abin da kike so a taɓa, lamba ko linki, a gurbin rubutu zai zauna.

Wani ɗan abu kafin in wuce: waɗannan haruffa masu lanƙwasa da ado da 'yan mata ke kwafowa su rubuta sunan shago da su, ki bar su. Wurin bincike ba ya gane su yadda yake gane haruffa na yau da kullum, wasu wayoyin ma akwatuna suke nunawa a madadinsu. A gurbin `Name` na Instagram ki sa sunanki tare da kalmar kaya da gari, kamar "Wance Atamfa Kano", domin wannan gurbi yana cikin abin da ake dubawa in mutum ya nemi kalma.

Sai batun kai mai saye ga sauran kaya, inda nake ganin an fi yin kuskure ta hanya biyu. Wasu ba sa nuna hanya sam. Wasu kuma, da an tambayi kuɗin atamfa ɗaya, sai su sako hoto arba'in a jere, su cinye wa baiwar Allah data, ta toshe su. "Duba sauran kayanmu" ma ba ya motsa kowa, don bai ba ta dalili ba. Ki lura da abin da mai shago a Kwari yake yi in mace ta zaɓi turmi: ba ya ce mata ta zaga shagon, mayafi ɗaya yake jawowa ya ɗora a kai ya ce, Hajiya ga wanda ya hau. Wannan za ki yi da rubutu.

Hanyar ita ce ki tsara kayan bisa abin da ya kawo mutum, ba bisa yadda kika saro su ba. `Catalog` na WhatsApp Business yana ɗaukar kaya har 500, kuma yana da `Collections` inda ake kasa su rukuni-rukuni. Maimakon rukunin "atamfa" da "leshi" kawai, ki yi "Haɗin lefe", "Na anko", "Na yau da kullum", "Mayafai". Irin waɗannan sunaye ki sa wa `Highlights` na Instagram ma, gajeru, don dogon suna yana yankewa a ƙarƙashin zagayen. Wadda ke haɗa lefen ƙanenta ba turmi ɗaya take nema ba, tana da akwatuna da za ta cika, kuma in ta ga rukunin da ya kira buƙatarta da suna za ta shiga da kanta. Shi ya sa layin ƙarshe na `Bio` ɗin can ya ce lefe da anko, bai ce "sauran kaya" ba. Instagram yana barin ki sa linki har biyar, amma ɗaya ne ke fitowa sarai, sauran sai an latsa a gan su, don haka na farkon ya zama na katalog:

```
https://wa.me/c/234XXXXXXXXXX
```

Lambarki ce za ta maye gurbin waɗannan alamomi, a fara da 234, a cire sifirin farko, ba alamar tarawa, ba tazara. Ki latsa shi da kanki daga wata waya kafin ki bar shi, linkin da ya mutu a saman shafi ɓarna yake yi fiye da rashinsa.

Bari mu bi ciniki ɗaya daga farko. Mace ta ga atamfa mai ruwan goro a `Status` ɗinki, ta latsa ta shiga katalog. A ƙarƙashin hoton ta karanta: "Turmi ɗaya, yadi shida. Kwaikwayon Holan ce, auduga, ba ta zuba. Mayafi M12 da leshi L4 sun hau ta, suna cikin Haɗin lefe." Kin ga layin ƙarshen bai roƙe ta komai ba, lamba biyu ya ba ta, kuma katalog ɗin yana da gurbin `Item code` inda za ki sa wa kowane kaya tasa. Kalmar "ba ta zuba" kuwa sai in kin jiƙa ƙyallen kin gani da idonki za ki rubuta ta. Ta yi miki magana, saƙon maraba na `Greeting message` ya fita da kansa, wanda WhatsApp ke tura wa wanda ya fara yi miki magana ko wanda ya kwana 14 ba ku yi ba. Kada ki cika shi da addu'o'i da furanni. Ya ce: "Sannu da zuwa. Turo lambar kayan da garin da kike, zan amsa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 8 na dare. Kuɗin mota ɗaya ne ko turmi ɗaya ko uku, in akwai abin haɗawa ki duba kafin ranar aike."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi kowace jan mutum ga abu na biyu, don lissafi ce mai saye za ta yi da kanta. A ce direba yana karɓar naira 3,000 ya kai ƙulli Bauchi. A kan turmi ɗaya dubu ukun nan nauyi ne, in ta haɗa da mayafi da leshi sai ya zama dubu ɗaya-ɗaya a kan kowanne. Ba ki rage ko sisi daga ribarki ba, amma ta ga rangwame. Ki fara tabbatarwa da direbobin tashar da kike kai kaya iya girman ƙullin da suke karɓa a kuɗi ɗaya, ki rubuta iyakar yadda take, kada mai turmi goma ta zo ta riƙe ki da maganarki.

Lokacin nuna abu na biyu ma yana da muhimmanci. Wadda ke sayen kayanki karon farko, tana gwada ki ne da ƙaramin abu. Ki nuna mata mayafin sau ɗaya, a cikin bidiyon da kika yi alƙawari, ki ɗora shi a kan atamfar, in ta ce a'a ki bar maganar. Matsa mata a wannan gaɓa yana tayar da tsoron da rubutun saman shafi ya kwantar. Cinikin lefen yakan zo ne bayan turmin farko ya isa lafiya.

Ta yaya za ki san gyaran ya yi aiki? Tun kafin ki canza komai, ki koma saƙonnin mako biyu da suka wuce ki ƙirga abu biyu a takarda: mutum nawa suka buɗe magana da "kuna ina?" ko "kina aikawa?" ko "gaskiya ne kuwa?", sannan cikin cinikin da aka kammala nawa ne suka haɗa kaya fiye da ɗaya. Bayan mako biyu da gyara ki sake ƙirgawa. In tambayar "kuna ina" ba ta ragu ba, ba a ganin rubutun, wataƙila mutanenki ta `Status` suke shigowa kai tsaye ba sa bi ta saman shafi, sai ki riƙa saka allon sharuɗɗan a can sau ɗaya a mako, tunda abin da aka sa a can awa 24 kawai yake yi. In shafinki na Instagram na sana'a ne, `Insights` zai nuna miki yawan waɗanda suka leƙa shafin da yawan waɗanda suka latsa linki. Masu leƙawa da yawa, masu latsawa kaɗan, to layin ƙarshe na `Bio` ne bai kira buƙatarsu ba, ki gwada canza "anko" da "na yau da kullum" ki gani. Ana latsawa amma ba a magana, matsalar tana cikin katalog: ko babu farashi, ko rabin kayan sun ƙare ba ki cire ba. In kuwa ana zuwa har a karɓi lambar asusu sannan a yi shiru, ki koma kan sunan da ke fitowa a banki. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda, kuma kada ki gwada makon jajibirin Sallah da makon tsakiyar damina, don kasuwar ce ta bambanta a nan, ba rubutunki ba.